Daga ɓatan wata zuwa wata uku: yadda halittar jariri ke haɗuwa mako-mako

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Daga Rikkos nake a Jos, shekarata 24, cikin fari ne. Hailata ta ƙarshe ta fara ranar 3 ga Maris, kuma duk kwana 28 take zuwa. Na yi zazzaɓi daga 20 zuwa 22 ga Maris, na sha maganin maleriya na kwana uku. Daga 7 zuwa 11 ga Afrilu kuma na sha wani haɗi na kemis saboda sanyin mara, ban san sunayen ƙwayoyin ba, ban kuma san ina da ciki ba. Ranar 12 ga Afrilu na yi sikanin, aka ce jaka kawai aka gani. Surukata ta ce in kwantar da hankalina, har yanzu gudan jini ne. Yau 24 ga Afrilu. Me ya riga ya haɗu a jikin jaririn, kuma magungunan nan sun taɓa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya inganta, ya raba lafiya. Kin kyauta da kika riƙe ranaku, domin da su za mu yi aiki. A makonnin farko kowace gaɓa tana da nata lokacin haɗuwa, kuma illar magani ko ciwo ta dogara ne ga ranar da ya faɗo a kai.

Mu fara gyara lissafi, don nan ake yawan rikicewa. A asibiti muna ƙirga ciki daga ranar farko ta hailar ƙarshe, ba daga ranar da cikin ya shiga ba, saboda ranar haila mace ke iya tunawa. Mai zagayen kwana 28 tana sakin ƙwai wajen rana ta 14, ke nan naki cikin ya shiga wajen 17 ga Maris. Saboda haka makonni biyun farko da ke cikin lissafin kati babu ciki a cikinsu ko kaɗan. Yau a katin awo za a rubuta miki mako 7 da kwana 3, alhali shi ɗan tayin kwanansa 38 ke nan da samuwa. Duk inda na ce mako kaza a ƙasa, lissafin kati nake nufi, kuma makon da ya cika.

Daga 17 zuwa 31 ga Maris, wato tsakanin mako 2 da mako 4, babu wata gaɓa tukuna. Ƙwai ya haɗu da maniyyi a cikin bututun da ke gefen mahaifa, ya riƙa rabuwa gida biyu, huɗu, takwas, yana gangarowa. Wajen kwana shida ko bakwai da haɗuwar ya manne a bangon mahaifa ya fara nutsewa ciki. A wannan lokaci ƙwayoyin halittar ba su rarraba aiki ba, kowace tana iya maye gurbin 'yar'uwarta. Shi ya sa idan wani abu mai cutarwa ya same su, ɗayan biyu ke faruwa: ko dai ya kashe su gaba ɗaya, haila ta zo mace ba ta ma san ta ɗauka ba, ko kuwa waɗanda suka tsira su cike gurbin, halitta ta ci gaba ba tabo. Zazzaɓinki da maganinsa sun faɗo ne kwana uku zuwa biyar da shigar cikin, tun kafin ya manne, kuma ga shi cikin ya zauna. Wannan ki cire shi daga ranki. In maganin atemeta da lumefantirin ne, wanda aka fi sayarwa na kwana uku, to tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki shi ko a watanni ukun farko.

Ranar 31 ga Maris ya kamata ki ga haila, ba ta zo ba. A makon da ya biyo baya ɗan tayin, wanda a lokacin ɗan fai-fai ne da bai kai milimita biyu ba, ya kasu shimfiɗa uku. Ta sama ita za ta ba da fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ta tsakiya ita za ta zama ƙashi da tsoka da zuciya da jini da ƙoda. Ta ƙasa kuma daga gare ta rufin hanji da huhu da hanta za su fito. Duk abin da za a gina daga baya daga waɗannan ukun yake tasowa.

Sai makon da na fi so ki fahimta, 7 zuwa 14 ga Afrilu, tsakanin mako 5 da mako 6. Abubuwa biyu manya sun faru a cikinsa.

Na farko zuciya. Ta fara ne a matsayin ɗan bututu miƙaƙƙe, kuma wajen kwana 22 da shigar ciki, a lissafinki wajen 8 ga Afrilu, ta soma bugawa. Ita ce gaɓar da ke rigan kowace fara aiki, domin ɗan tayin ya yi girman da abinci ba zai isa ko'ina ba sai da jini mai zagayawa. A kwanakin da suka biyo bututun ya lanƙwashe, sannan bangaye suka fara tasowa a ciki don raba shi ɗaki huɗu. Wannan rabawar tana kan gudana a jikinki yanzu haka, ba za ta kammala ba sai wajen mako 9 zuwa 10. Idan wani bango bai gama haɗewa ba, shi ne abin da ake ce wa ramin zuciya a jarirai.

Na biyu shi ne bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakka. A gadon bayan ɗan tayin wani tsagi ke fitowa daga kai zuwa gindi, gefunansa biyu su ɗago su haɗe, kamar yadda ake jan zif, sai dai daga wajen wuya yake farawa ya nufi sama da ƙasa a lokaci guda. Bakin sama yana rufewa wajen kwana 25, na ƙasa wajen kwana 27 zuwa 28. A kalandarki an gama rufewar wajen 14 ga Afrilu, mako biyu kacal da ɓatan wata. In bakin sama bai rufe ba, ƙoƙon kai da mafi yawan ƙwaƙwalwa ba sa haɗuwa, kuma irin wannan jariri ba ya rayuwa. In na ƙasa ne, sai a haifi yaro da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa da raunin ƙafafu, da rashin iya riƙe fitsari, da taruwar ruwa a kai. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa a garin nan ya ga irin waɗannan jarirai, kuma abin da ke ci mini rai shi ne da yawansu ana iya kare su da ƙwaya mai araha.

Ƙwayar ita ce folik asid. Ƙwayoyin halittar da ke rufe bututun nan suna rabuwa da sauri ƙwarai, kuma ba sa iya yin haka yadda ya kamata sai da isasshen wannan sinadari. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 1991 ya nuna cewa matan da suka taɓa haihuwar jariri mai wannan matsala, da aka ba su folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, maimaituwar abin ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Ki lura da lokacin. Macen da ta fara sha ranar da ta je awon farko a wata na huɗu ko na biyar, kamar yadda aka saba a wajenmu, ta sha don jininta da girman jariri, amma rufewar lakka ta wuce da daɗewa. Abin da ake so shi ne maikurogiram 400 kullum, a fara aƙalla wata ɗaya kafin ɗaukar ciki, a ci gaba har mako 12. Masu ciwon suga, da masu shan maganin farfaɗiya, da masu sikila, da wadda ta taɓa haifar jariri mai matsalar lakka, su ake ba miligiram 5. A ganina ya kamata folik asid ya shiga hannun amarya tun kafin a kai ta ɗaki. Alayyahu da zogale da wake da kabejin da ake jibgewa a kasuwar Farin Gada duk suna da wannan sinadari, amma doguwar dahuwa tana lalata da yawansa, don haka abinci ba ya maye gurbin ƙwayar. Ba ki faɗa mini ko kina sha ba. In ba kya sha, ki fara yau, domin leɓe da ganda da zuciya ba su gama ba. Kada kuma ki ɗora wa kanki laifi, mafi yawan matan da ba su sha ba lafiya ƙalau suke haihuwa.

Yanzu ga haɗin kemis. Kin sha shi daga 7 zuwa 11 ga Afrilu, daidai cikin makon nan, don haka ba zan ce miki ba komai ba kafin a san me ke ciki. Dalilin da ya sa muke tsayawa kan ranaku haka, darasi ne da duniya ta koya da tsada. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus ta Yamma, mata suka riƙa sha don barci da laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai sama da dubu goma da nakasa, da yawansu ba hannu ko ƙafa cikakke. Da aka bi diddigi sai aka ga ɓarnar tasa tana tsakanin kwana 34 da kwana 50 daga hailar ƙarshe. Wadda ta sha a farkon wannan tsakani kunnen ɗanta ya fi taɓuwa, wadda ta sha bayan 'yan kwanaki hannu, wadda ta ƙara jinkiri ƙafa. A kalandarki wannan tsakani shi ne 6 zuwa 22 ga Afrilu. Ba talidomaid kika sha ba, na kawo shi ne don ki ga cewa kwana biyar a nan ba ɗaya suke da kwana biyar a wata na bakwai ba.

Abin yi shi ne ki koma kemis ɗin, ko maigidanki ya je, a rubuto sunan kowace ƙwaya da ƙarfinta da yawan kwanakin da kika sha. In da sauran kwali ko leda ki tafi da su awo. Da yawa daga magungunan da ake haɗawa don sanyi, irin su amoksisilin da metironidazol da farasitamol, ba a san su da jawo nakasa ba. Wanda zan fi so in sani shi ne ko akwai Saftirin a ciki, saboda yana tare aikin folik asid, kuma ana guje masa a watanni ukun farko. Ko da yana ciki, ƙarin haɗarin kaɗan ne, mafi rinjayen jariran da aka sha shi da cikinsu lafiya suke zuwa. Abin da zai canja shi ne za a ƙara kula wajen duba baya da zuciya a sikanin na gaba. Magungunan da aka tabbatar suna da haɗari sosai ba su da yawa: balfurowet na farfaɗiya, wafarin na tsinka jini, aisotiretinoyin na ƙurajen fuska, metotireksat, da misofurostol. Mai farfaɗiya kuwa kada ta yanke maganinta da kanta don ta ga ciki, faɗuwar ta fi haɗari, likita ne zai canja mata. Ki kuma sani cewa ko mace ba ta sha komai ba, cikin jarirai ɗari ana samun biyu ko uku da wata babbar matsalar halitta, kuma yawancinsu ba a gano dalili.

Batun sikanin bai tayar mini da hankali ba. Ranar 12 ga Afrilu kina mako 5 da kwana 5, ɗan tayin bai wuce milimita biyu zuwa uku ba. Na'urar da ake shigarwa ta gaba takan fara ganin bugun zuciya wajen mako 6, wadda ake ɗorawa a kan mara kuwa sau da yawa sai mako 7. In kuma ƙwanki ya yi jinkirin fita da 'yan kwanaki, wanda zazzaɓi kansa kan jawo, to duk ranakun da na lissafa sun ɗan matsa gaba. Ba a yanke hukuncin cewa ciki ya lalace sai an ga tayi mai tsawon milimita 7 ko fiye ba bugu, ko jaka mai faɗin milimita 25 ba komai a ciki, ko kuma an sake dubawa bayan mako ɗaya zuwa biyu ba ci gaba. Kwana 12 ke nan da naki, lokacin sakewa ya yi. Kada ki yarda kowa ya ba ki maganin wankin ciki a kan hoton farko shi kaɗai.

In komai na tafiya daidai, abin da za a gani a wannan mako tayi ne mai tsawon milimita 10 zuwa 13, ki duba a rula ki gani, da zuciya mai bugu sama da 120 a minti, wanda zai hau har wajen 170 a mako 9 kafin ya sauko. Kai ya kusa rabin jikin, ya sunkuya kan ƙirji. Tohon hannu ya ɓullo tun wajen 12 ga Afrilu, na ƙafa ya biyo baya da kwana ɗaya ko biyu, yanzu bakin hannun ya fara faɗi zai zama tafi. Ido ya fara baƙi, huhu ya yi rassan farko, ƙodar dindindin ta soma. Surukarki ta faɗi abin da ta faɗa ne don ta sanyaya miki rai, kuma ta yi gaskiya cewa abin ƙarami ne, amma ya wuce gudan jini nesa.

Daga 28 ga Afrilu zuwa 12 ga Mayu, mako 8 zuwa 10, lokacin fuska da yatsu ne. Fuska ba a dunƙule take fitowa ba, ɓangarori ne ke tahowa daga gefe da sama su haɗu a tsakiya. Leɓen sama yana haɗewa wajen mako 8 zuwa 9, in ɓangarorin ba su gamu ba shi ne tsagaggen leɓe. Ganda tana biyo baya, tana ɗaukar har ƙarshen wata na uku. Yatsu suna fara bayyana a manne, sai fatar da ke tsakaninsu ta narke su rabu wajen mako 10. Hanta ta karɓi aikin yin jini, ta yi girman da cikin tayin ya yi wa hanji kaɗan, sai wani sashe na hanjin ya fita ya zauna a gindin cibiya na ɗan lokaci, ya koma ciki kafin mako 12. Na faɗi wannan don in wani ya ga kumburi a gindin cibiya a sikanin na mako 9 ko 10 kada a firgita ki, bayan mako 12 ne ake ɗaukarsa matsala. A daidai wannan lokaci ma laulayi ya fi tsanani, saboda sinadarin da gwajin fitsari ke ganowa yana kaiwa ƙololuwa wajen mako 9 zuwa 10, kuma mabiya tana karɓar ragamar riƙe cikin daga ƙwan mace.

Idan mako 10 ya cika, tsawonsa daga kai zuwa gindi wajen santimita 3, kuma kusan kowace gaɓa ta samu siffarta ta farko. Abin da ya rage yawanci girma ne da nuna. Ƙoda na fara fitar da fitsari wajen mako 11 zuwa 12, ƙasusuwa na fara tauri, farce na tohowa, yana motsi ana gani a na'ura duk da mai cikin fari ba ta jinsa sai wajen mako 18 zuwa 20. Ranar 26 ga Mayu, mako 12, zai kai santimita 5 zuwa 6. Jinsinsa an ƙaddara shi tun ranar haɗuwar ƙwai, amma al'aurar namiji da ta mace kama ɗaya suke har wajen mako 11, don haka kada ki sayi kayan jariri a kan maganar sikanin na wata uku. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da ranar gamawa, tana ginuwa har bayan haihuwa.

Tunda saura makonni masu nauyi a gabanki, abubuwa biyu nake so ki tsare. Ɗaya zazzaɓi. Zafin jiki mai tsanani da ya daɗe yana iya taɓa halitta a wannan lokaci, maleriya kuma tana jawo ɓari. Damina ta kawo kai, sanyin Jos bai hana sauro ba, ki kwana cikin gidan sauro. In jiki ya yi zafi ki sha farasitamol, ki je a gwada jini a ranar, a ba ki magani a asibiti. Fansida na rigakafi da ake bayarwa a awo ba a fara shi sai mako 13. In zazzaɓin ya zo da ƙananan ƙuraje a jiki ki faɗa wa likita da bakinki, saboda rubela, wadda tun 1941 wani likitan ido a Ostareliya ya gano tana lalata ido da zuciyar ɗan tayi, daga baya kuma aka gano har da kunne. Na biyu suga. Sugan da ya hau a makonnin nan yana ƙara haɗarin matsalar zuciya da lakka, kuma mace na iya samunsa ba ta sani ba, don haka ki nemi a gwada a awon farko, musamman in akwai shi a gidanku. Jiƙe-jiƙe da tsimi da man bilicin ki ajiye su, ba a san abin da ke cikin yawancinsu ba.

Ki yanki katin awo a wannan makon, kada ki jira ciki ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwan farko ya kasance cikin makonni 12 na farko, kuma sikanin da aka yi yanzu shi ya fi kowane daidaita ranar haihuwa, kuskurensa ba ya wuce kwana biyar zuwa bakwai. A lissafin haila, naki ya faɗo wajen 10 ga Disamba. Sikanin da zai amsa tambayarki game da haɗin kemis shi ne na mako 18 zuwa 22, a kalandarki daga farkon Yuli zuwa farkon Agusta, wanda ake bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Ki yi shi inda akwai ƙwararru, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ki gaya wa mai dubawa ranakun da kika sha maganin, ki roƙe shi ya duba ƙashin baya daga wuya zuwa gindi, da ɗakunan zuciya huɗu, da leɓe.

Kafin nan, in kin ga jini mai jiƙa ƙunzugu, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri kamar za ki faɗi, ko ciwo a kan kafaɗa, ki tafi asibiti a take ko da tsakar dare ne. Tunda ba a riga an ga tayin a cikin jakar ba, sai sikanin na biyu ne zai tabbatar mana sarai cewa cikin a mahaifa yake zaune, kuma cikin da ya zauna a bututu yakan fashe ne tsakanin mako 6 da mako 10. Haka ma in amai ya hana ki riƙe ko ruwa yini guda, fitsari ya ragu ya yi duhu, ki je a ƙara miki ruwa, akwai magungunan amai da ake ba masu ciki lafiya.